Numfashin Ƙwayar Halitta a Shafi Ɗaya: Inda Kuzarin Gulukos Yake Fita

Ɗalibin da abokan karatunsa suka ɗora wa nauyin rubuta musu takardar bita mai shafi ɗaya a kan numfashin ƙwayar halitta, matsalar da zai fara cin karo da ita ita ce ta zaɓi, domin abin da littafi ya shimfiɗa a babi guda, da sunayen sinadarai fiye da ashirin, ba zai shiga shafi ɗaya ba sai an bar mafi yawansa a waje. Abin da aka saba gani shi ne a jera matakai huɗu, a cika ƙarƙashin kowanne da sunaye, sannan a rufe da adadin ATP da aka haddace, sai a wayi gari wanda ya karanta takardar yana iya kawo sunayen ɗaya bayan ɗaya amma ba ya iya faɗin inda kuzarin yake fita, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da darasin gaba ɗayansa ya ginu a kanta. Matsayin da wannan lacca ta ɗauka shi ne cewa takardar da za ta yi amfani ita ce wadda ta ɗauki molekul ɗaya na gulukos ta bi sawunsa daga farko har ƙarshe, tana ƙirga abubuwa uku kawai a kowane mataki: kabon nawa ya fita, ilektiron nawa aka kwashe, da kuma ATP nawa aka samu. Idan lissafin waɗannan uku ya daidaita, sauran sunayen za su sami wurin zama da kansu.

Layin farko na takardar ya kamata ya raba abubuwa biyu da ɗalibai kan haɗa. Shaƙar iska da fitar da ita aikin huhu ne, kuma manufarsa ita ce kai oksijin cikin jini da kwashe kabon dayoksaid daga cikinsa. Numfashin ƙwayar halitta kuwa jerin sauye-sauyen sinadarai ne da ke gudana a cikin kowace ƙwaya mai rai, ta mutum ce ko ta dawa ko ta yis, inda ake wargaza abinci sannu a hankali don a tara kuzarinsa a cikin wani ƙaramin molekul da ake kira ATP, wanda shi ne ƙwayar take iya amfani da shi kai tsaye wajen motsa tsoka, da gina furotin, da tura gishirori ta cikin tantaninta. Tsirrai ma suna yin wannan numfashi dare da rana, sai dai da rana aikin haɗa abinci da hasken rana yakan rufe shi. A ƙarƙashin wannan layi sai a rubuta ma'aunin da ya tattara komai:

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O

Giram 180 na gulukos, wato mol ɗaya, idan aka ƙone shi ƙurmus yana sakin kilojul kusan 2870, kuma wannan adadi ba ya canzawa ko a wuta aka ƙone shi ko a cikin jiki. Bambancin yana ga yadda ake sakin kuzarin. Wuta tana sakinsa lokaci guda a matsayin zafi da haske, ƙwayar halitta kuwa tana sakinsa kaɗan-kaɗan ta hanyar matakai masu yawa, kowanne da enzayim ɗinsa, wato furotin da ke hanzarta sauyin sinadari ba tare da shi kansa ya ƙare ba, kuma saboda kuzarin yana fitowa gutsure-gutsure ne ake iya kama wani kaso nasa. Haɗa ATP ɗaya daga ADP da fosfet yana buƙatar kimanin kilojul 30.5 a kowane mol, a ma'aunin da littattafai ke amfani da shi. Waɗannan lambobi biyu, 2870 da 30.5, sun cancanci wuri a saman shafin, domin da su za a auna amsar ƙarshe.

Kafin a shiga matakan akwai ra'ayi ɗaya da sai an fahimce shi, in ba haka ba takardar za ta zama hadda kawai. Kuzarin gulukos yana fitowa ne sa'ad da ilektiron ɗinsa, waɗanda ke tafe tare da atom ɗin haidirojin, suka bar kabon suka koma wajen oksijin, wanda ya fi kabon ƙarfin riƙe su nesa ba kusa ba. Ƙwayar halitta ba ta miƙa su ga oksijin kai tsaye. Tana fara ɗora su ne a kan wasu molekul masu dako guda biyu, NAD+ wanda idan ya karɓi ilektiron biyu yake zama NADH, da FAD wanda yake zama FADH2. Ana ƙera na farkon daga bitamin B3, na biyun kuma daga bitamin B2. Saboda haka duk inda aka rubuta NADH a takardar, ma'anarsa ita ce an cire kuzari daga gulukos amma ba a riga an mayar da shi ATP ba, yana nan a riƙe yana jiran matakin ƙarshe. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa matakai uku na farko suke ba da ATP kaɗan ƙwarai duk da cewa su ne suke wargaza gulukos ɗin gaba ɗaya.

Mataki na farko shi ne gilaikolisis, wato tsaga sukari, kuma yana gudana a saitofilazim, ruwan da ya cika ƙwayar halitta a wajen maitokondiriya, ba tare da buƙatar oksijin ba. Sauye-sauye goma ne, waɗanda aka gano su ta hanyar aikin masana da dama, ciki har da Gustav Embden da Otto Meyerhof da Jakub Parnas, amma takardar bita ba ta buƙatar goman. Abin da take buƙata shi ne ta nuna cewa matakin rabi biyu ne. A rabin farko ƙwayar ce take kashe ATP biyu, tana liƙa fosfet a kan sukarin, wanda hakan yake hana shi ficewa daga ƙwayar kuma yake shirya shi don tsagewa gida biyu, kowane gida da kabon uku. A rabi na biyu kowane gida yana ba da NADH ɗaya da ATP biyu kafin ya zama fairubet. Jimillar da aka samu ATP huɗu ce, amma tun da an kashe biyu tun farko, ribar biyu ce, kuma a nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, suna rubuta huɗu inda aka tambaye su riba. Layin wannan mataki a takardar zai kasance haka: kabon da ya fita babu, NADH biyu, ATP biyu, fairubet biyu. Mafi yawan kuzarin har yanzu yana cikin fairubet ɗin.

Daga nan labarin ya koma cikin maitokondiriya, kuma ya dace a keɓe kusurwa ɗaya ta shafin don ƙaramin zanensa, domin tsarin ginin nasa shi ne rabin bayanin. Yana da tantani biyu, na waje mai santsi wanda ƙananan molekul ke ratsa shi cikin sauƙi, da na ciki mai ninke-ninke wanda kusan babu abin da ke wuce shi sai ta ƙofar da aka tanada. Tsakanin tantanin biyu akwai siririn sarari, sannan a can ciki akwai ruwa mai kauri cike da enzayim da ake kira matiriks. Zanen da bai nuna waɗannan wurare uku daban-daban ba, wato matiriks da tantanin ciki da sararin tsakani, ba zai taimaka wa mai bita ba komai kyansa.

Mataki na biyu gajere ne, shi ya sa wasu takardu suke tsallake shi, kuma tsallake shi ne yake ɓata lissafi daga baya. Fairubet yana shiga matiriks, a cire masa kabon ɗaya ya fita a matsayin CO2, a kwashe ilektiron biyu a ɗora wa NAD+, sauran kabon biyun kuma a liƙa su a kan wani mai dako da ake kira ko'enzayim A, su zama asetil-CoA. Tun da fairubet biyu ne, layin zai zama CO2 biyu, NADH biyu, ATP babu. Enzayim ɗin da ke wannan aiki yana buƙatar bitamin B1, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ƙarancin bitamin ɗin yake fara taɓa jijiyoyi da zuciya, waɗanda buƙatarsu ta kuzari ba ta yankewa.

Mataki na uku shi ne zagayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a shekarar 1937 yana Jami'ar Sheffield, bayan gwaje-gwajen da ya yi da niƙaƙƙen naman ƙirjin tattabara, tsokar da ke shan oksijin da yawa, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 1953 tare da Fritz Lipmann, wanda ya gano ko'enzayim A. An kira shi zagaye ne domin sinadarin da ya buɗe shi shi ne yake rufe shi. Oksalo'asitet mai kabon huɗu yana karɓar kabon biyu na asetil ya zama sitiret mai kabon shida, sannan a cire kabon ɗaya ya koma biyar, a sake cire ɗaya ya koma huɗu, daga nan a yi ta gyara mai kabon huɗun ana kwashe masa haidirojin har ya dawo oksalo'asitet, a shirye ya karɓi wani asetil. Maimakon sunaye takwas, ya isa a zana da'ira a rubuta 4, 6, 5, 4 a kewayenta, da kibiyoyi masu nuna abin da ke fita. Kowane zagaye yana ba da CO2 biyu, NADH uku, FADH2 ɗaya, da ATP ɗaya, wanda a wasu ƙwayoyin yake fitowa a matsayin GTP, ɗan'uwansa da ke ɗauke da kuzari daidai da nasa. Gulukos ɗaya yana juya da'irar sau biyu, don haka a takarda sai a rubuta CO2 huɗu, NADH shida, FADH2 biyu, ATP biyu. Yana da kyau a rubuta "a kowane gulukos" da manyan baƙaƙe a saman wannan jeri, domin cakuɗa adadin zagaye ɗaya da na gulukos ɗaya kuskure ne da ake yawan yi a ɗakin jarrabawa.

A daidai wannan wuri ya kamata mai rubuta takardar ya ja layi ya tsaya ya yi lissafi, domin a nan ne abin mamakin darasin yake bayyana. Kabon shida na gulukos duk sun fita, biyu a mataki na biyu, huɗu a zagayen Krebs, wato gulukos ya ƙare ƙaf. Amma ATP huɗu kacal aka samu, wanda bai wuce kilojul 122 ba daga cikin 2870, ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, kuma har yanzu ba a taɓa oksijin ɗin da aka shaƙa ba ko molekul ɗaya. Sauran kuzarin, ban da ɗan abin da ya tafi a matsayin zafi, yana kan masu dako goma sha biyu, NADH goma da FADH2 biyu. Kowane NADH idan ya miƙa ilektiron ɗinsa ga oksijin yana sakin kimanin kilojul 220 a kowane mol, saboda haka NADH goman nan kaɗai suna riƙe da kusan 2200, fiye da kashi uku cikin huɗu na dukan kuzarin gulukos. Akwai kuma hanyar tabbatar da cewa ba a yi kuskuren ƙirga ba. Masu dako goma sha biyu, kowanne da ilektiron biyu, sun ba da 24. Kowane O2 yana karɓar ilektiron huɗu kafin ya zama ruwa, kuma ma'aunin farko ya nuna O2 shida, wanda shi ma 24 ne. Ɗalibin da ya manta mataki na biyu zai sami 20, nan take ya san akwai abin da ya ɓace.

Mataki na huɗu shi ne ya cancanci kusan rabin shafin, kuma shi ne aka fi tauye wa haƙƙi a takardun bita. A jikin tantanin ciki akwai manyan rukunonin furotin huɗu da ake yi wa lamba I, II, III da IV, tare da ƙananan masu dako biyu da ke zirga-zirga a tsakaninsu, yubikwinon da saitokurom c. NADH yana sauke ilektiron ɗinsa a rukuni na I, su wuce zuwa na III, sannan na IV, inda oksijin yake karɓarsu tare da haidirojin ya zama ruwa. Kowane mai karɓa a wannan sarƙa ya fi na bayansa ƙarfin jan ilektiron, don haka a kowace miƙawa ana sakin wani ɓangare na kuzari, kuma rukunoni na I da III da IV suna amfani da kuzarin wajen tura furoton, wato H+, daga matiriks zuwa sararin tsakani. Ilektiron biyu na NADH ɗaya suna tura furoton goma, huɗu a rukuni na I, huɗu a na III, biyu a na IV. Ilektiron ɗin FADH2 kuwa ta rukuni na II suke shiga, wanda ba ya tura furoton ko ɗaya, don haka suna tsallake na I, kuma shida kawai suke turawa. Wannan ne dalilin da ya sa FADH2 yake ba da ATP ƙasa da NADH, kuma takardar da ta faɗi dalilin ta fi wadda ta ba da lambar kawai.

Abin lura shi ne sarƙar ita kanta ba ta haɗa ATP. Abin da take yi shi ne tara furoton a gefe ɗaya na tantanin da ba sa iya ratsawa, har a sami bambancin yawa da na cajin lantarki tsakanin gefen biyu, kamar yadda madatsar Kainji take tare ruwan Kwara a sama, ba ya samun hanyar sauka sai ta cikin injin da yake juyawa ya ba da lantarki. Injin a nan shi ne enzayim ɗin da ake kira ATP sintes, kuma juyawa yake yi na haƙiƙa: furoton suna komawa matiriks ta cikinsa, suna juya wani sashe nasa, juyawar tana sauya siffar wuraren da ADP da fosfet suke zaune, a haɗa su, a saki ATP uku a kowane cikakken juyi. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, masana da yawa suka ƙi yarda da shi shekaru da dama domin suna neman wani sinadari na tsakiya da bai taɓa bayyana ba, har aka ba shi lambar Nobel a 1978. Paul Boyer da John Walker kuma sun sami tasu a 1997 saboda bayyana yadda enzayim ɗin yake aiki. Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan: ana sakin kuzari a kowane mataki da aka kwashe ilektiron, amma mafi yawansa yana fita ne a tantanin ciki na maitokondiriya, yayin da ilektiron suke gangarawa zuwa oksijin.

Yanzu sai a kammala lissafin gulukos ɗin. NADH goma sau furoton goma sun ba da 100, FADH2 biyu sau shida sun ba da 12, jimilla 112. Haɗa ATP ɗaya tare da shigo da fosfet da ADP cikin matiriks da fitar da ATP ɗin waje yana cin furoton kusan huɗu, don haka 112 a raba da huɗu ya ba da 28, wanda daidai yake da cewa kowane NADH yana ba da 2.5, kowane FADH2 kuma 1.5. Idan aka ƙara huɗun da aka samu kai tsaye a gilaikolisis da zagayen Krebs, sai a tashi da 32. Akwai sauran sharaɗi ɗaya. NADH biyu na gilaikolisis a wajen maitokondiriya aka same su, kuma ba sa iya ratsa tantanin ciki, sai dai a miƙa ilektiron ɗinsu ta wata hanya. A hanta da zuciya hanyar tana kai su ga NAD+ na ciki, ba a yi asarar komai ba. A tsokar jiki da ƙwaƙwalwa kuwa ana yawan bi ta hanyar da ke kai su ga FAD, sai kowanne ya ba da 1.5 a maimakon 2.5, jimillar ta sauko zuwa 30. Wannan ne asalin "30 zuwa 32" da ake gani a sababbin littattafai.

Littattafan sakandare da yawa har yanzu 38 suke rubutawa, ko 36, kuma ɗalibin da ke shirin jarrabawa ba zai iya kawar da kai daga wannan ba. Lambar ta fito ne daga tsohon ƙiyasi da ke ba kowane NADH ATP uku, kowane FADH2 kuma biyu, wato 30 da 4 da 4, kafin a auna yawan furoton da kyau. Hanyar da ta fi dacewa ita ce takardar ta ɗauki duka biyun, ta rubuta a gefe cewa 38 na tsohon ƙiyasi ne, 30 zuwa 32 na sabo, sannan ɗalibi ya duba wanda manhajarsa da malaminsa suke bi ya amsa da shi, yana sane da inda kowace lamba ta samo asali. Ɓoye ɗaya daga cikinsu zalunci ne ga abokin karatun da zai haɗu da ita daga baya a jami'a ya ɗauka an yaudare shi. Idan aka auna, 32 sau 30.5 ya ba da kilojul 976, wato kimanin kashi 34 cikin ɗari na 2870, yayin da 38 yake ba da kimanin kashi 40. Abin da ya rage yana fita a matsayin zafi, kuma wannan zafin ne yake riƙe jikin mutum a kusan digiri 37, shi ne kuma ake ji idan aka tura hannu cikin tarin hatsin da aka jiƙa ya fara tsiro.

Wani kuskure da ma'aunin farko yake jawowa shi ne zaton cewa oksijin ɗin da aka shaƙa shi ne yake fitowa a cikin CO2. Bin sawun da aka yi ya nuna akasin haka, domin dukan CO2 ya riga ya fita kafin a taɓa O2, kuma oksijin ɗin da ke cikinsa daga gulukos da ruwa ya fito. Wanda aka shaƙa ruwa yake zama, a rukuni na IV. Kibiya ɗaya daga O2 zuwa H2O a kan ma'aunin ta isa ta gyara wannan.

A ƙasan shafin sai a bar ɗan wuri don abin da ke faruwa idan babu oksijin. Idan babu mai karɓar ilektiron a ƙarshen sarƙa, sarƙar takan cushe, NADH ya rasa inda zai sauke kayansa, NAD+ ya ƙare, zagayen Krebs ya tsaya duk da cewa shi kansa ba ya amfani da O2. Gilaikolisis ma da zai tsaya, ba don ƙwayar tana da dabarar dawo da NAD+ ba, ta hanyar zuba ilektiron ɗin NADH a kan fairubet. A tsokar mai gudu da ƙarfi, da kuma a ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da madara nono mai tsami, sakamakon shi ne laktet, kuma babu CO2 da ke fita. A yis kuwa ana fara cire CO2, wanda shi ne yake kumbura ƙullin burodi da na fanke, sannan abin da ya rage ya zama etanol. Wannan mataki na ƙarshe ba ya ƙara ATP ko ɗaya, amfaninsa kawai shi ne ya bar gilaikolisis ya ci gaba da ba da biyunsa. Juya gulukos zuwa laktet yana sakin kimanin kashi bakwai cikin ɗari ne na kuzarinsa, sauran yana nan a cikin laktet ɗin, wanda hanta take iya mayar da shi gulukos, zuciya kuma take iya ƙone shi. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da maitokondiriya, da wannan hanya kaɗai suke rayuwa duk da cewa su ne masu dakon oksijin.

Hanyar da za a gane ko takardar ta yi aikinta ita ce a gwada ta da tambayar da ba a rubuta amsarta a cikinta ba, kuma rogo yana ba da misali na kusa. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin linamarin, wanda idan aka farfasa saiwar yake haɗuwa da wani enzayim na rogon ya saki sayanaid, shi ya sa ake ɓare shi, a jiƙa shi ko a gurza a matse a bar shi ya yi tsami, sannan a soya ko a shanya, don gubar ta fita kafin a ci. Sayanaid yana maƙalewa a kan ƙarfen da ke cikin rukuni na IV ya hana shi miƙa ilektiron ga oksijin. Mai riƙe da takardar da ta bi sawun ilektiron zai iya fitar da sauran da kansa: sarƙa ta tsaya, ba a tura furoton, ATP 28 sun ɓace daga cikin 32, NADH ya taru, zagayen Krebs ya tsaya nasa biyun ma sun ɓace, ƙwayoyin sun koma yin laktet har ya yi yawa a jini, kuma oksijin yana nan a jinin ba a amfani da shi, ta yadda jinin da ke komowa daga gaɓoɓi yake kasancewa ja fiye da yadda aka saba. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne suke fara gazawa, domin su ne suka fi dogara da waɗannan 28.

Tambaya ta biyu tana zuwa daga ɗaya ɓangaren, wato abin da zai faru idan sarƙar tana aiki lafiya amma furoton suka sami wata ƙofar komawa matiriks ba ta cikin ATP sintes ba. Wannan yana faruwa a jikin jariri sabon haihuwa, wanda yake da wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a tsakanin kafaɗunsa da kewayen wuyansa da ƙodarsa, cike da maitokondiriya masu ɗauke da wani furotin da ake kira UCP1, wanda aikinsa shi ne buɗe wa furoton wannan ƙofa. A nan ilektiron suna gudu a sarƙar da sauri, ana shan oksijin da yawa, ana ƙone makamashi da yawa, amma ATP kaɗan ake samu, kuma kuzarin da zai shiga cikinsa yana fita a matsayin zafi, wanda jaririn da bai iya rawar ɗari sosai ba yake ɗumama jikinsa da shi a sanyin hunturu. Misalan biyu suna rage ATP, amma a na sayanaid shan oksijin yana faɗuwa, a na kitsen jariri kuwa yana hawa, kuma da wannan bambanci ne masu bincike suke gane ko wani sinadari ya toshe sarƙar ne ko kuwa ya huda tantanin.